Yadda na rubuta wa banki ƙorafi da aka cire min kuɗi sau biyu

Na biya kuɗin kaya da kati, 18,500, sai alat ya shigo har sau biyu a minti guda. Mai kayan ya duba, ya ce sau ɗaya kuɗi suka shigo masa.

Kafin na rubuta komai, sai da na nemi takardar bayanin asusuna. Alat kaɗai ba ya isa hujja, domin wani lokaci saƙon ne ya maimaitu, ko kuma banki ya riƙe kuɗin na ɗan lokaci ya sake su da kansa. A takardar na ga layi biyu, adadi ɗaya, kowanne da lambar cinikinsa, ragowar kuɗina kuma ta ragu da 37,000. Lambar da ke kan rasit ɗina ta yi daidai da layin farko, ke nan na biyun ne ba shi da asali.

Kwanan wata shi ne wurin da ya fi buƙatar lura. Ranar Asabar na yi sayayyar, amma a takardar banki Litinin aka rubuta, don a ranar suka shigar da cinikin. In mutum ya ambaci Asabar kawai, ma'aikaci zai duba ya ce bai ga komai ba, kuma ba ƙarya ya yi ba. Saboda haka na sa duka biyun. Ga gundarin wasiƙar, bayan suna da lambar asusu:

"Ranka ya daɗe, ranar Asabar, 8 ga Maris, 2025, da ƙarfe 4:12 na yamma, na biya 18,500 da katina. An cire wannan adadi sau biyu, kuma duka sun fito a bayanin asusuna ranar Litinin, 10 ga Maris. Na amince da na farko, ban amince da na biyu ba. Ina neman a mayar da 18,500 cikin asusuna, tare da duk cajin da aka ɗora kan cirewa ta biyu, a kuma sanar da ni a rubuce."

A ƙasa na sa lambobin cinikin biyu da lambobi huɗu na ƙarshen katin, na haɗa da kwafin rasit. Lambar sirri kuwa ba a rubuta ta ko ga wa.

Da gangan na guji cewa "a duba min lamarin". Wanda ya nemi a duba, za a duba a rufe fayil. Na kai kwafi biyu, aka buga wa nawa hatimi, na karɓi lambar ƙorafi, wadda da ita ake bibiya ko a ɗaukaka ƙara zuwa hukumar da ke sa ido kan bankuna. Kuɗin sun dawo, amma ban da cajin. Sai da na koma na nuna musu layin da na nemi shi ma, sannan aka mayar.