Maki 24 da suka ɓace, da wasiƙar da ta ci mini mako uku

Ranar da aka liƙa sakamakon zangon farko na ga E a gaban lambata, maki 41, a kwas ɗin da na fi kwana a kansa. Kwas ne mai nauyin 3, ana ninka darajar sakamako da nauyin kwas; darajar E 1 ce, wato maki 3 kacal zai ƙara wa lissafina, alhali da B ce, mai daraja 4, 12 zan samu. A daren nan na zauna a ɗakinmu a Mabera na rubuta wa shugaban sashe shafi biyu cike da fushi. Na ce an zalunce ni, na ce malamin ba ya ƙaunata, na nemi a sake maka takardar jarrabawata. Ban haɗa da hujja ko ɗaya ba, na miƙa wa sakatare ba tare da na riƙe kofin wasiƙar mai hatimi ba. Har yau in na tuna wasiƙar nan raina sai ya ɓaci.

Mako uku ina sintiri a zafin Sakkwato, ba labari. Jami'in jarrabawa na sashenmu ne ya tausaya mini. Ya ce, "Ɗana, kai zargi ka rubuto. Ina takardar gwajinka?" Na ce, "Tana gida, Malam." Da ya buɗe takardar maki sai ga gurbin gwajina babu komai. Ashe 41 ɗin nan na jarrabawa ne kaɗai, cikin 70. Wato abin da na nema ma kuskure ne: ko sau goma aka sake maka takardar, 41 za ta bayar.

Wasiƙa ta biyu ba ta cika shafi ba. Na bi da ita ta hannun jami'in, na sa sunana, lambar rajista, lambar kwas da zango. Na rubuta cewa na sami 16 cikin 20 a gwaji da 8 cikin 10 a aikin gida, jimla 24, ba su shiga ba, kuma da sun shiga 65 ke nan. Roƙo ɗaya na yi: a duba a gyara. Ban ambaci halin kowa ba. Na maƙala fotokofin takardun biyu masu jan biron malamin, da na takardar halartar gwaji inda na sa hannu, na asali kuwa suna hannuna. Wannan karon na tsaya har aka buga wa kofina hatimi da kwanan wata.

Malamin da na zarga shi da kansa ya gano matsalar: wajen shigar da maki an juya lambobi biyu na ƙarshen rajistata. Ya sa hannu ba musu. Sai dai a makonni ukun da na ɓata sakamakon ya riga ya wuce majalisar jami'a, don haka gyaran ya bi ta kwamitin sashe da na tsangaya kafin ya koma can. Sai a zango na gaba na ga B ɗina. Na je ofishinsa na ba shi haƙuri, domin ashe an nuna masa wasiƙar farko.