Tsohon bidiyo da kallonsa ke raguwa: a gyara, a sake ɗorawa, ko a janye shi?

Bidiyon da zan yi misali da shi na haɗa sola ne, farantin wat 150 da batir mai volt 12 da ƙaramar kwantirola mai daidaita cajin batir, wanda na ɗora a tashata daga nan Garwa shekara uku da suka wuce. A lokacin da yake tashe yana samun kallo wajen 9,000 a wata, daga baya ya sauko zuwa 2,300. Mutane kuwa ba su daina neman yadda ake haɗa sola ba. Abin da ya fara zuwa mini shi ne in goge shi in ɗora sabo mai kyan hoto, amma kafin in taɓa komai sai na buɗe lissafinsa.

Jimillar kallo ba ta gaya maka komai sai ka raba ta. A YouTube Studio, ka shiga bidiyon kansa, ka danna Analytics, sannan Reach, ka duba inda masu kallo suke fitowa. Wanda wayarsa ke kan Faransanci, kamar yawancinmu a nan, zai ga Recherche YouTube a wurin YouTube search. A nawa, kallon da ke zuwa daga Suggested videos da Browse features, wato wanda YouTube ke tura wa mutane ba tare da sun nema ba, shi ne ya faɗo daga wajen 7,000 zuwa 700. Wannan ba ciwo ba ne, haka tsohon bidiyo yake yi, domin shafin farko ya fi son sabon abu. Kallon da ke zuwa daga bincike kuma ya sauka ne daga 2,000 zuwa 1,600 kawai. Ke nan bidiyon bai mutu ba. Ya rasa talla, amma yana riƙe da masu zuwa da ƙafarsu.

A nan akwai tarkon da ya kamata a kauce masa, shi ne kwatanta watan jiya da na yau. Neman sola yana tashi a Maris da Afrilu, lokacin da zafi ke gasa Garwa da Marwa kowa yana son fanka ta kwana tana juyawa, sannan ya lafa idan damina ta kankama. Saboda haka Maris na bana ake gwadawa da Maris na bara. Mai bidiyon girkin azumi ko kiwon ragon layya kuma sai ya tuna cewa lokacinsa yana matsowa baya da wajen kwana 11 kowace shekara, don haka da watan Musulunci zai auna. Don tabbatar da cewa ana neman abin har yanzu, na duba Google Trends, na zaɓi YouTube Search da shekara 5. Idan ka sa Kamaru ko Chadi da kalmar Hausa, sau da yawa shafin zai ce bayanai ba su isa ba, sai ka sa Nijeriya, inda galibin masu nema da Hausa suke. Lambobinsa daga 0 zuwa 100 ba yawan mutane ba ne, suna nuna hawa da sauka ne kawai, kuma shi muke buƙata.

Dalilin da ya sa na fasa sake ɗorawa mai sauƙi ne. YouTube ba ya bari ka musanya fayil ɗin bidiyo a wurinsa. Duk abin da ka sake ɗorawa sabon bidiyo ne mai sabon linki, kallonsa daga sifili, babu sharhi ko ɗaya. Matsayin da tsohon ya samu a sakamakon bincike ya same shi ne daga mutanen da suka nema, suka danna, suka tsaya suka kalla, kuma sabon ba ya gadon wannan. Kamar mai rumfa ne a bakin ƙofar kasuwa da ya rushe ta don ya gina mai kyau, kafin ya gama wani ya zauna a wurin. Ga kuma linkin da ya riga ya bazu a zaurukan WhatsApp na masu aikin wuta, wanda gogewa za ta kashe shi nan take.

To, saura faɗuwar nan ta 400 a ɓangaren bincike. Ita ce abin gyarawa, kuma lambobi biyu ke nuna inda matsalar take. Impressions shi ne sau nawa aka nuna hoton bangon bidiyon, Impressions click-through rate kuma shi ne kashi nawa cikin ɗari suka danna. A Advanced mode ana iya ganin su na bincike kaɗai, ba a gauraya da sauran ba, kuma wannan warewar tana da muhimmanci domin mai nema ya fi mai wucewa saurin dannawa. A nawa, nunawar ba ta ragu sosai ba, dannawar ce ta sauka daga kashi 8 zuwa wajen 6 da rabi. Ma'ana ana ganina, amma ana zaɓar wani. Na rubuta kalmomin binciken a wayar da ba a shiga asusuna da ita ba, sai na ga sababbin bidiyoyi a gefen nawa masu hoton wayar wuta ja da baƙa a fili, nawa kuwa fuskata ce da ƙananan rubutu da ba ya karantuwa a ƙaramin allo. Da nunawar ce ta faɗi ƙasa warwas alhali ana nema, da sai in ce an ture ni daga wurin, kuma maganar za ta fi nauyi.

Jerin kalmomin da aka nemo bidiyon da su ya koya mini wani abu. Mutane ba sa rubuta baƙaƙe masu lanƙwasa, "yadda ake hada sola" suke bugawa, wasu "hada batir da sola", wasu kuma da Faransanci. Taken nawa na da ya fara ne da sunan tasha da lambar darasi, abin da ake nema yana can ƙarshe inda waya ke yanke shi. Na mayar da kalmomin neman gaba. Amma ban canza take da hoto rana ɗaya ba. Na fara da hoto, na rubuta ranar, na bar shi mako uku, sannan na taɓa take. Idan ka sauya duka a tare, ko ya tashi ko ya faɗi ba za ka san wanne ya jawo ba. Kuma kalmar da ke kawo maka mutane yanzu, kada ka cire ta daga take don neman wata da kake ganin ta fi.

Cikin bidiyon kuma, layin Audience retention da ke ƙarƙashin Engagement, mai nuna inda masu kallo ke tsayawa da inda suke ficewa, ya nuna ramuka biyu. Na farko a daƙiƙa 50 na farko, inda nake gaisuwa da roƙon a bi tasha. Mai bincike yana tsugune gaban batir da waya a hannu, ba shi da lokacin wannan. Na biyu a wurin da na yi minti ɗaya da rabi ina lissafa farashi da sefa, farashin da ya daɗe da canzawa, kuma masu kallo daga Kano da Maraɗi ba kasuwarmu suke ci ba. Akwai kuma tudu a wajen minti na 6, inda mutane ke komawa baya su sake kallon yadda ake fara haɗa batir da kwantirola kafin a haɗa faranti. Wannan tudun shi ne ran bidiyon, kuma bayaninsa daidai yake har gobe.

Sai na yanke ramukan biyu da Editor, a Trim & cut. Yankan ba ya taɓa linki, ko yawan kallo, ko sharhi. A kwamfuta ake yin sa, a studio.youtube.com. Abubuwa uku ya kamata a sani kafin a danna Save. Editor yana cirewa ne kawai, ba ya ƙara sabon ɗauka. Ka tabbata kana da asalin fayil ɗinka a ajiye, kada ka dogara da cewa za ka iya dawo da abin da ka yanke. Sannan duk lokutan da ke rubuce za su goce: abin da yake a 6:10 ya koma wajen 3:50, don haka na sake rubuta babi-babin da ke cikin bayanin bidiyo, waɗanda dole su fara da 00:00, su kai uku, kowanne aƙalla daƙiƙa 10. Gyaran yakan ɗauki sa'o'i kafin ya bayyana, masu kallo suna ganin tsohon har ya kammala.

Ƙaramin bayani da ya tsufa amma ba ya yankuwa, akwai hanyarsa. A ƙasan babi-babin sai a rubuta haka, kalmar farko da Turanci yadda take:

```
Correction:
2:15 Wannan saitin na batir mai ruwa ne, kada a yi shi a kan litiyam.
```

YouTube zai nuna alamar gyara a saman bidiyon. Na kuma manna wannan bayanin a sharhin farko, domin ba kowa ke lura da alamar ba.

Wata biyu bayan haka dannawa ta koma kusan kashi 8, kallon bincike ya dawo wajen 1,900. Na Suggested videos bai dawo ba, ban kuma sa ran zai dawo ba.

Sabon bidiyo na yi shi, amma a kan tambayar da tsohon bai amsa ba, wato batirin litiyam da kwantirola irin MPPT, abin da masu sharhi suka yi ta tambaya. Na ba shi take dabam don kada su riƙa gasa a kan kalma ɗaya, na haɗa su da End screen, wato akwatin da ake dannawa a tafi wani bidiyo, a daƙiƙa 20 na ƙarshen tsohon. Yanzu tsohon ne yake tura wa sabon mutane.

Sake ɗorawa na gaske yana da wurinsa. Idan murya ba ta fita daga farko har ƙarshe, ko kuma ɓangaren da mutane suka zo dominsa ne ya lalace, yanka ba zai yi magani ba. Ko a nan, sabon ɗauka ake yi, ba tsohon fayil ake sake ɗorawa ba, kuma a bar tsohon a buɗe yana nuna hanyar sabon har sai sabon ya fara samun kallo daga YouTube search da ƙarfinsa.

Janyewa nan take kuwa sai idan bin bidiyon zai cutar da mutum, misali haɗin wayar da zai ƙona kwantirola ko ya ta da gobara. A irin wannan ba a duba yawan kallo. Idan tsufa kawai ya yi kuma sabon ya tsaya da ƙafarsa, Unlisted ya fi: bidiyon zai fita daga bincike, amma mai tsohon linki zai iya buɗewa ya ga inda aka tura shi. Idan akwai haɗari a cikinsa, Private ake sa shi, domin ita ke rufe linkin ga kowa, kuma za ka iya buɗe shi daga baya. Gogewa ba ta dawowa. Mai tara sa'o'i 4,000 na kallo don shiga tsarin samun kuɗi na YouTube ya sani cewa sa'o'in bidiyon da ke Unlisted ko Private ko wanda aka goge ba sa shiga lissafi, don haka ya duba nawa tsohon ke kawo masa a wata 12 na baya kafin ya rufe shi.