Rasidin da ake nema bayan shekara huɗu

Ina riƙe da takardun wata ƙungiyar manoman shinkafa a Argungu, kuma duk rasidinmu na taki da iri da man injin ban ruwa suna ajiye a Google Drive. Da damina ta kama, shugabanmu ya nemi rasidin takin da aka saya a 2021, sai muka tarar wayar wanda ya ɗauki hoton ta sa masa suna IMG_4417.jpg, sunan da ba ya gaya wa kowa komai. Akwatin bincike bai fito da shi ba, domin rasidin da hannu aka rubuta shi.

Tun daga nan na sa doka cewa kowace takarda za ta fara da kwanan watan da ke jikinta, shekara a gaba, sannan wata, sannan rana:

```
2021-06-09_rasidi_taki-NPK_buhu-40.jpg
```

Dalilin sa shekara a gaba shi ne, idan aka jera fayiloli bisa suna, kwamfuta tana bin haruffa daga hagu, don haka takardun za su jeru da kansu daga tsohuwa zuwa sabuwa. Sifilin da ke cikin 06 ma wajibi ne, domin in babu shi wasu manhajojin sukan sa watan 10 gaban watan 6. Ban yarda da kwanan watan da Drive ke nunawa ba, saboda sau da yawa ranar ɗora fayil ce ko ranar gyara shi, ba ranar cinikin ba.

Folda kuwa hawa biyu ta ishe mu, ta shekara, a cikinta ta rani da ta damina.