Shuɗin ɗigon da ba ya tafiya

Ɗan yayata ya iso Yamai daga Tawa wata ranar Lahadi da dare, bayan ya wuni a mota ta Ƙonni da Dogon Dutsi da Doso. Takardu ya kawo da zai ajiye a wani ofishi da ke unguwar Filato, a wani gini mai hawa uku. Ranar Litinin ina da aiki a Harobanda, can ƙetaren gadar Kennedy, ba halin in raka shi. Tun ranar Juma'a kuwa na riga na biya ta ginin, na hau har gaban ofishin, na ɗauki hoton taswirar da ke manne a bango kusa da matakala. Na tura masa ta WhatsApp, na ƙara da murya: "Hawa na ɗaya, ƙofa ta uku a hannun dama daga matakala." A ganina na gama masa komai.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya ya kira ni. "Kawu, na bi kibiyoyin nan duka, ga ni a waje gindin wata bishiya, ba ofishi ba dalilinsa."

Sai da yamma, muna zaune a tsakar gida, na gano ɓatan nasa hawa-hawa ne, kuma kusan duka daga gare ni suka fito. Na farko dai a ƙasa ya yi ta nema. A wurinsa hawa na ɗaya shi ne inda mutum ya fara sa ƙafa. A lissafin Faransanci da gine-ginenmu ke bi, ƙasa ba ta da lamba, RDC ake rubuta mata, sai an hau matakala sau ɗaya ake kaiwa R+1. Rubutun yana nan a saman taswirar, amma hotona ya yanke shi. Wani mai gadi ne ya ce masa ya hau sama.

Da ya hau, sai ɗigon ya yaudare shi. A taswirar akwai shuɗin ɗigo da aka rubuta wa "Vous êtes ici", wato nan kake. Yaron ya saba da taswirar salula, inda shuɗin ɗigo ke bin mutum duk inda ya nufa, don haka ya ɗauka wannan ma shi ne. Alhali ɗigon nan ni ne, ranar Juma'a, tsaye a kan matakalar baya ta wajen ajiye motoci. Shi ta babbar ƙofa ya shigo, ya hau matakalar gaba, wadda ke ɗaya ƙarshen barandar. Ni da shi mun fuskanci baranda ɗaya daga kai biyu, damata ta zama hagunsa, ƙofata ta uku kuma tana can nesa da tasa. Irin wannan taswira ta bango ana zana ta ne don wanda ke tsaye a gabanta: abin da ke hagun takarda yana hagunsa. Samanta ba lallai ya zama arewa ba. Da zarar an ɗauke ta a hoto an bar gaban bangon, wannan alkawarin ya warware.

Da ƙofar da ya ƙwanƙwasa ta zama ta wasu, sai ya koma ga korayen kibiyoyi, yana zaton ni na nufi ya bi su. Ban ga laifinsa ba, kibiya ai cewa take yi bi nan. Ma'anarsu tana cikin ɗan akwatin da ke kusurwar ƙasa, mai kan "Légende", wanda na yanke da gangan don zanen ya fito da girma. Taswirar gudun gobara ce. Koren abu a cikinta hanyar fita ce, ja kuma kayan kashe wuta. Kibiyoyin sun yi aikinsu tsaf, sun kai shi inda ake taruwa in wuta ta tashi.

Na ajiye salular, na ɗauki tsinke. Na tambaye shi ko ya taɓa ganin magini ya shata ɗaki a ƙasa kafin a haƙa tushe. Ya ce shi da kansa ya riƙe igiya da aka shata ɗakin babarsa. Na ce to taswirar gini wannan shatin ce, kamar an ɗage rufi shirwa tana kallo daga sama. Na zana gidan da muke ciki: layi mai kauri bango, inda layin ya yanke ƙofa, ɗan bakan da ke jikin yankewar kuma hanyar da murfin ƙofar ke bi in an buɗe shi. Na ce ya nuna mini inda muke zaune. Ya ɗora yatsa daidai. Na zagaya na koma ɗaya gefen zanen na ce ya zo ya tsaya inda nake, ya faɗa mini wane hannu ƙofar gida take. Ya buɗe baki zai ce dama, ya dubi ƙofar ta gaske, ya yi dariya. Nan ya gane abin da ya same shi da safe, ban ƙara kalma ba.

Sauran alamomin ba su ci lokaci ba. Layuka jere kamar tsani matakala ce, akwati mai gicciye a ciki na'urar hawa ce, WC kowa ya sani. Ban yarda na koya masa fiye da haka ba, don wanda aka ɗura wa alama ashirin a dare ɗaya ba ya tashi da ko biyar.

Shi ya tambayi 1/200 da ke gefen hoton. Na ce a takardar bango santimita 1 tana tsaye a madadin mita 2, amma a salula wannan lissafi ya mutu, tunda yatsa biyu na ƙara girman hoton ko rage shi. Ƙofofi ake ƙirgawa, kuma ana ƙirga har da na banɗaki da na ɗakin ajiya, muddin zanen ya nuna su.

Washegari da sassafe muka je tare, na gyara aikina a gabansa. Na tsaya daidai tsakiyar taswirar, na kashe hasken kyamara saboda gilashin da ke kanta, na ɗauki hoto ɗaya da ya kama takardar duka har kanta, na ɗauki na biyu na akwatin alamomi kaɗai. Na tura su a matsayin fayil, domin in an tura a matsayin hoto WhatsApp na matse shi, ƙananan rubutu su dagule. Daga nan muka sauka muka koma babbar ƙofa, na ce ya ja gaba.

A kan matakalar gaba ya tsaya, ya kulle juyawar fuskar salular kamar yadda na nuna masa, ya nemi matakalar da yake kai a cikin zanen, ba ɗigon ba. Ya juya salular a tafin hannunsa har barandar hoton ta miƙe daidai da ta gabansa. Na ce kada ya ɗaga ƙafa sai ya tabbatar da abu biyu. Ya duba: zane ya ce banɗaki na hannun hagu, ga shi kuwa, ya ce akwai jar tukunyar kashe wuta bayan ƙofa ta biyu, ga ta rataye. Ya ƙirga ƙofofi da leɓe yana tafiya, ya tsaya a ta shida a hannun hagu, ya waiwayo ya dube ni.

"Kawu, ai jiya sau biyu na wuce ta nan."

Na ce ya ƙwanƙwasa, ni zan jira shi a ƙasa.