Lambar da aka soke da biro a takardar awon shinkafa

Na yi kakar shinkafar rani guda ina shigar da takardun awo cikin kwamfuta a wata cibiyar sayen shanshera da ke yankin Auyo, a kwarin Haɗeja. Sikelin mota yana buga lamba uku a kowace takarda: nauyin mota da kaya, nauyin mota babu kaya, sai nauyin shinkafar zalla. Amma kafin takardar ta iso teburina, sau da yawa biro ya riga ya bi ta kanta.

Da na fara, abin da na ɗauka shi ne rubutun hannu ya zo daga baya, don haka shi ne daidai. A kan haka na cuci wani dattijo ban sani ba.

Takardarsa ta nuna kilo 12,480 da kaya, 4,260 babu kaya, shinkafa 8,220. An ja layi a kan 8,220, an rubuta 7,838 a gefe. Na shigar da 7,838 a gurbin nauyin shinkafa na wuce. Ranar biya ya zo da kwafinsa a ninke cikin aljihu ya ce, "Yarona, duba mini, kuɗin nan bai kai ba." Na ce, "To Baba, a zauna," na ɗauko tamu takardar. Sai a lokacin na lura da wani ƙaramin 18 a kusurwa.

Wannan 18 ɗin danshi ne. A cibiyar ana biya ne bisa shinkafar da danshinta yake kashi 14 cikin ɗari, tasa kuwa na'urar gwaji ta nuna kashi 18, wato akwai ruwan da ba za a biya kuɗinsa ba. Mai awo ya yi lissafin da hannu: ya cire 18 daga 100 ya samu 82, ya cire 14 daga 100 ya samu 86, sai ya yi 8,220 × 82 ÷ 86, ya samu 7,838. Ashe sikeli bai yi kuskure ba, shi ma mai biron bai yi ba. Lamba ɗaya tana faɗin abin da ya hau sikeli, ɗayar tana faɗin abin da za a biya. Ni kuma da na sa 7,838 a gurbin nauyi, kwamfutar ta sake cire danshin da kanta, ta mai da shi 7,473. Kilo 365 na gumin bawan Allah ya tafi a hannuna. An cika masa kuɗinsa a ranar, amma na daɗe ina tunanin waɗanda ba su riƙe kwafinsu ba, har sai da na koma na bi takardun makon duka ɗaya bayan ɗaya.

Tun daga nan, in na ga lambar da aka soke, nakan fara tambayar kaina: kuskure aka gyara, ko wani lissafi aka ɗora? Takardar kanta takan ba da amsa. In ka cire nauyin mota daga jimilla ka samu lambar da aka buga, to bugun yana nan daram, abin da biro ya rubuta wani abu ne daban mai neman nasa gurbin.

Akwai kuma gyara na gaskiya. Wata takarda ta zo da nauyin mota 3,960, an soke an sa 3,900, shinkafar ta tashi daga 5,940 zuwa 6,000. Mai awo ya sa hannu, ya sa kwanan wata, ya rubuta "yaron mota na ciki". An sake awon bayan yaron ya sauka. Layi ɗaya mai awon ya ja, tsohuwar lambar tana karantuwa, kuma lambobin biyu sun sauya tare yadda lissafi ya yarda. Irin wannan nakan ɗauki na biro ba gardama, in ajiye na bugu a gurbin bayani.

Wadda ba na taɓawa ita ce lambar da aka danne da biro a kan wata har 3 ta koma 8, ko aka shafe da farin ruwan goge rubutu, babu sa hannu. A nan ba ni da hurumin zaɓa. Nakan bar gurbin a buɗe in nemi kwafin manomi. Takardun masu kabon ne, saboda haka gyaran da aka yi a bakin sikeli, kafin a raba su, zai fito a kwafin biyu. In a tamu kaɗai yake, bayan tafiyar manomin aka yi shi, sai in kai wa shugaban cibiya takardun biyu a haɗe, a kira mai awo ya zo da littafinsa.