Aikinmu na tsabtace tsofaffin shafukan Faransanci bayan na'ura ta karanta su

Ɗan ofishinmu a Damagaram ya fara ne da buga takardu a kwamfuta, amma aikin da aka fi saninmu da shi yanzu shi ne gyaran rubutun tsofaffin littattafan Faransanci waɗanda aka ɗauki hoton shafukansu, manhaja ta karanta hoton ta mayar da shi rubutu. Masu kawo mana aikin galibi malaman tarihi ne da ɗalibai masu rubuta kundi, waɗanda kan sauko da littafi daga Gallica, taskar littattafan Babban Ɗakin Karatu na Faransa a intanet, su tarar rubutun da ya biyo hoton ya hargitse, ba ya bincikuwa kuma ba a iya ciro shi a kafa hujja da shi. Akwai kuma 'yan'uwa daga Kano da Katsina da Faransancinsu bai yi nisa ba, masu son a tsabtace musu shafi kafin a fassara.

Abin da nake fara koya wa duk yaron da ya shigo wurinmu shi ne kurakuran shafi ba iri ɗaya ba ne. Akwai ɓarnar na'ura, wadda dole a gyara. Akwai tsohon salon rubutu na zamanin littafin, wanda ba kuskure ba ne ko kaɗan, kuma taɓa shi cin amana ne. Gwanintar sana'ar duk tana wajen rarrabe waɗannan biyun, kuma nan ne masu araha suke faɗuwa.

Babban abokin gabarmu a littattafan ƙarni na 17 da na 18 shi ne dogon s, wato ſ. Maɗaba'un wancan zamani suna sa shi a farkon kalma da tsakiyarta, su bar gajeren s da muka sani ga ƙarshen kalma. Ya yi kama da f ƙwarai, bambancin kawai shi ne sandar f tana ratsa jikin harafin ta fito hagu da dama, shi kuwa dogon s ɗan ƙulli gare shi a hagu kaɗai, wani lokaci ma babu. Idan tawada ta ɗan bazu ko takarda ta yi duhu, manhaja takan karanta shi f. Gidan ɗab'i na zuriyar Didot a Paris na cikin waɗanda suka fara barin wannan harafi a shekarun 1780, kuma kafin a yi nisa cikin ƙarni na 19 ya bar littattafan Faransa. Saboda haka shekarar bugu ita nake fara dubawa, domin tana gaya mini irin wahalar da ke gabana tun ban karanta layi ɗaya ba.

Ga irin abin da ke zuwa mana daga littafin tafiye-tafiye na wajen shekarun 1770, kamar yadda na'ura ke fitar da shi:

```
Les habitans de ce pays font fort hofpitaliers ; ils ne con-
noiffent point l'ufage de la rnonnoie, & le fel y eft fi rare
```

Wasu daga cikin kurakuran nan suna tona asirin kansu. Babu `hofpitaliers` ko `ufage` ko `eft` a Faransanci, kuma f ba ta cika zuwa gaban p ko t a harshen ba, don haka `hospitaliers` da `usage` da `est` ake nufi, `fel` kuma `sel` ne, wato gishiri. `rnonnoie` kuwa wata cuta ce daban: harafin m ne ƙafarsa ta farko ta ɗan rabu da sauran, sai aka karanta shi r da n. Waɗannan ko ɗan koyo yana kama su.

Inda aikin yake shi ne `font fort`. Kalmomin biyu duka suna cikin ƙamus, babu manhajar duba rubutu da za ta ja musu jan layi, amma ɗaya daidai ce ɗaya kuskure ce. `font` na nufin suna yi, `sont` kuma na nufin su ne, kuma tun da siffa ce ta biyo baya, `sont` jimlar take buƙata. Ita kuwa `fort` f ɗinta ta gaskiya ce, ma'anarta ƙwarai. Wanda ya mayar da ita `sort` ya shigo da kalmar ƙaddara inda ba ta da wurin zama. Haka `fi` take, akwai ta a harshen, amma `si` ce a nan. Irin waɗannan tagwaye suna da yawa: `fait` da `sait`, `foi` da `soi`, `fable` da `sable`. Na taɓa ganin shafin da matafiyi yake maganar yashi, rubutun na'ura ya mayar da yashin tatsuniya, aka kuma fassara shi haka. Ba a raba wannan gardama sai da nahawu da kuma komawa ga hoton shafin, a ƙara masa girma har a ga ko sandar ta ratsa.

Sai kuma kalmomin da ba na yarda a taɓa. `habitans` ba tare da t ba, da `connoissent`, da `monnoie`, duk haka aka buga su. Cibiyar kula da harshen Faransanci ba ta karɓi rubuta ai a madadin oi a irin su `étoit` da `avoit` ba sai a bugu na 6 na ƙamusunta a 1835, kuma a wannan bugun ne aka mayar da t cikin jam'i irin `enfans` da `habitans`. Alamar & ma muna barinta yadda take. Layin idan ya fito daga hannunmu, ga yadda yake zama:

```
Les habitans de ce pays sont fort hospitaliers ; ils ne
connoissent point l'usage de la monnoie, & le sel y est si rare
```

Abin da ke ɓata mini rai a nan shi ne masu shagunan kwamfuta da ke karɓar wannan aiki a kan kuɗin da bai kai na ruwan sha ba. Abu biyu suke yi. Sukan ba kwamfuta umarni ta musanya kowace f da s a faɗin littafin, sai `affaire` da `effet` da `fils` su lalace tare da masu laifi. Bayan haka su danna karɓar duk shawarar manhajar duba rubutu, wadda Faransancin yau kaɗai ta sani, sai littafin zamanin Sarkin Faransa Louis na 16 ya fito da rubutun jaridar bana. Mai aiki ya ga shafi tsaf babu jan layi ya yi murna, ran da ya kafa hujja da shi gaban malaminsa ne asiri ke tonuwa. Idan aka kawo mini irin wannan don in ceto shi, nakan ce a ba ni ɗanyen rubutun na'ura na asali, domin ɓarnar na'ura tana da tsarin da ake bi a gano ta, ɓarnar mai gaggawa kuwa ta shafe sawu.

Kalmomin da suka karye a ƙarshen layi su ma ba a haɗa su ido rufe. `con-` da `noissent` kalma ɗaya ce da ƙarancin fili ya raba, a cire karan ɗori a haɗe. To amma idan layi ya ƙare da `peut-` na gaba ya fara da `être`, karan na kalmar ne, dole ya zauna, haka ma `dit-il` da `c'est-à-dire`. Tsofaffin littattafai suna ƙara wuya, domin suna sa karan ɗori inda aka daina sa shi yanzu. Bayan `très` akwai shi, kamar `très-grand`, har zuwa bugun ƙamus na 1878, kuma `long-tems` a rabe ake rubuta ta. Idan na yi shakka, nakan nemi kalmar a tsakiyar wani layi cikin littafin, in ga yadda mai ɗab'in kansa yake rubuta ta, in bi shi. A ƙasan wasu shafuka kuma akwai kalma guda a gefen dama wadda maimaicin kalmar farko ce ta shafi na gaba, da alamomi irin `A ij`, an sa su ne don mai ɗinka littafi ya jera takardu daidai. Na'ura takan cusa su cikin jimla tare da kan shafi da lambarsa, mu kuwa mukan cire su.

Ban koyi wannan ido a gaban kwamfuta ba. A wata maɗaba'a a Yamai na koye shi, hannun wani dattijo da ya yi zamani da haruffan dalma. Yakan zaunar da mu biyu, ɗaya ya riƙe asali yana karantawa da ƙarfi har da waƙafi da aya da kowace alamar saman wasali, ɗaya yana bin sabon bugu da bakin rula. Idan ya ga ina sauri yakan ce, "Yaro, labari kake karantawa, ni kuwa haruffa na sa ka gani." Shi ya nuna mini cewa n idan aka kifa ta u take zama, kuma mai jera haruffa kan yi wannan kuskure da hannunsa. Saboda haka idan na ga u a gurbin n, nakan duba hoto tukuna. In na'ura ce, in gyara shiru. In kuwa haka aka buga, kuskuren na littafin ne, sai in bar shi in sa alama mai aiki ya zaɓa. Har yau karatun mutum biyu shi ne matakinmu na ƙarshe a kan kowane shafi.

Littattafan ƙarshen ƙarni na 19 da suka yi magana a kan ƙasashenmu ba su da dogon s, amma suna da tasu matsalar, wato sunaye da lambobi, waɗanda babu ƙamus da zai tsaya musu. `Haoussa` takan fito `Haonssa`, `Bornou` ta fito `Bornon`, `Kouka` ta fito `Konka`. Wanda bai san Barno da Kukawa ba zai wuce su bai ji komai ba, wanda ya san su kuma sai ya kame hannunsa kada ya mayar da rubutun Bafaranshen irin na yau. Mukan buɗe takarda guda ga kowane littafi, mu jera sunayen da ke cikinsa yadda marubucin ya rubuta su, mu auna kowanne da ita. Shekaru kuwa ɗaya bayan ɗaya muke duba su a hoto, domin 1 kan zama l ko I, 3 da 5 da 8 kuma suna shiga rigar juna idan bugu ya dushe, kuma 1898 da ta koma 1893 tana ɗauke kisan hafsan sojan Faransa Kyaftin Cazemajou a nan Damagaram daga shekararsa.

Masu ciniki sukan ce ai na'ura ta riga ta yi aikin, shafawa kawai za mu yi, don me farashin shafi zai kai haka. Ba na jayayya da su. Nakan ɗauki shafi guda daga littafinsu in gyara shi a gabansu, in sa wa kowane gyara launi, in ware waɗanda manhajar duba rubutu ba ta gani ba. Abin da nake roƙonsu shi ne su kawo hoto mai kyau, wanda aka ɗauka da `300 dpi`, wato ɗigo 300 a kowane inci, ko sama, shafi a shimfiɗe ba a karkace ba. Hoton waya da aka tura ta manhajar hira yakan matse har sandar f ta narke, kuma idan haka ta faru mukan nemi a sake ɗauko shafin kafin mu karɓi aikin.