Tirelar masara da fayil ɗin Madam

Shekara tara ina sauke masara a Legas kafin in yi tunanin sayar wa kamfani kai tsaye. Ina ɗauko ta daga Saminaka da Giwa, wani lokaci Dandume, in sauke a sito a Agege, masu gidajen kaji su zo su ɗiba buhu ashirin, buhu hamsin. Ciniki ne na baki da amana: mutum ya tsira buhu, ya jefa ƙwaya a baki ya ciza, in ta yi ƙaras a yi tsada. Da wannan tunanin na tunkari wani kamfanin haɗa abincin kaji a yankin Ikeja.

Wani yaron gidanmu da ke aikin sito a can ne ya ba ni adireshin imel na matar da ke kula da saye. Na zauna na zuba mata kirari: masararmu babu irinta a Arewa, busasshiya tas, farashi mai rahusa, ko tirela nawa ake so za a samu. Na liƙa hotunan buhuna goma sha biyu. Mako uku shiru. Da na matsa wa yaron, sai ya ce, «Kawu, Madam ta gani fa. Ta ce babu abin da za ta iya sawa a fayil.»

Na ji haushi a ranar, amma maganar ce ta buɗe mini ido. Matar nan ba ita kaɗai ke yanke hukunci ba. Duk wanda ta shigar cikin jerin masu kawo kaya, sai sashen tabbatar da inganci ya duba, sai sashen kuɗi ya duba, kuma wata rana masu binciken kuɗi za su tambaye ta dalilin da ya sa ta zaɓe shi. "Busasshiya tas" ba amsa ba ce a gabansu. Abin da take nema shi ne takardar da za ta tura wa na gaba ba tare da ta ƙara bayani da bakinta ba.

Na fara da takardun kamfani, kuma a nan na fara jin kunya. Ina da rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC tun da daɗewa, da lambar rajista ta RC, amma ban taɓa shigar da bayanan shekara-shekara ba. Duk wanda ya buga sunan kamfanina a shafin binciken hukumar, abin da zai gani a gefensa shi ne INACTIVE, wato kamfanin ba ya aiki. Ni ban taɓa dubawa ba. Ita kuwa nan take fara dubawa, minti biyu ya ishe ta. Sai da na biya bashin shekarun da tara kafin a gyara. Sannan lambar haraji ta TIN, da takardar shaidar biyan haraji wadda ke nuna shekaru uku na baya. Sai kuma wani ƙaramin abu da ya ci mini mako biyu: asusun da nake karɓar kuɗi da sunana yake, ba da sunan kamfani ba. Sashen kuɗi ba zai biya sunan da bai yi daidai da na takardar rajista ba, ko da harafi ɗaya ne ya bambanta. Dole na buɗe sabo.

Sai maganar kayan kansu. Na roƙi yaron ya tambayo mini ma'aunin da suke karɓar masara a kai, aka ba shi ba musu, don ba sirri ba ne. Danshi kada ya wuce kashi 13 cikin 100. Tsakuwa, ƙasa da totuwa kada su wuce kashi 2. Babu ƙwaro mai rai. Aflatoksin, gubar da funfuna ke bari a jikin hatsi, kada ya wuce kashi 20 cikin biliyan. Wannan na ƙarshen shi ya fi damunsu, domin ido ba ya ganinsa, kuma yana lalata hantar kaji, ya rage ƙwai. Na ɗibi samfur na kai ɗakin gwaji mai rajista, na karɓo sakamako mai hatimi da kwanan wata.

Saƙo na biyu bai kai rabin na farko ba. Na ce ni wane ne, lambar RC kaza. Farar masara ce daga Saminaka, danshinta bai wuce kashi 13 ba, buhu mai kilo 100, tirela ɗaya tan 30, wato buhu 300. Zan iya tirela biyu a wata, ba fiye ba. Daga ranar da na karɓi takardar oda, kwana bakwai kaya su iso. Farashin tan har ƙofarsu kaza ne, kuma yana aiki na kwana biyar kawai, tunda kasuwar hatsi ba ta tsayawa wuri ɗaya. Na haɗa komai cikin fayil ɗin PDF guda, da jerin abin da ke ciki a shafin farko. Hoto ko ɗaya ban sa ba. Bayan kwana biyu ta aiko da fom ɗin rajistar masu kawo kaya.

Fom ɗin ya nemi mutum uku da na taɓa sayar wa. Na rubuta manyan abokan cinikina ban gaya musu ba. Da ta kira wani Alhaji mai gonar kaji a hanyar Ikorodu, ya ji baƙuwar murya tana tambayar nawa yake saye, sai ya zaci masu haraji ne, ya ce bai san ni ba. Mutumin da muka shekara shida muna ciniki! Na je har gonar na ce, «Alhaji, ka kusa kashe mini kasuwa.» Ya yi dariya ya ce, «Ai da ka faɗa mini.» Laifina ne. Yanzu kafin in rubuta sunan mutum sai na nemi izininsa, in gaya masa wa zai kira, in kuma rubuta a gefen sunan abin da na kai masa da watan da na kai, don abin da zai faɗa ya zo daidai da takarda.

Odar gwaji ta fito a farkon Nuwamba, lokacin sabuwar masara. A nan na yi kuskuren da ya fi tsada. Samfurin da na kai gwaji daga sayen kasuwa ɗaya ne, ya nuna danshi 12.8. Amma don cika tirela, wakilina ya ƙara buhu kusan 120 na wata ranar kasuwa, wadda ba ta gama shan iska ba. A ƙofar kamfani ba buhunan sama suke tsira ba. Sun ɗiba daga gaba, tsakiya da baya, suka gauraya, na'ura ta nuna 14.5.

Suna da ikon mayar da motar. Madam ta kira ni ofis, ta ajiye saƙona a kan tebur, ta ɗora yatsa a kan 13 da na rubuta da hannuna. Ban yi gardama ba, na gaya mata yadda aka yi. Aka yarda a karɓa a cire nauyin ruwa. Lissafin shi ne: busasshen abin da ke cikin masarata kashi 85.5 ne, alhali 87 ake bukata. In ka raba 85.5 da 87 ka ninka da kilo 30,000, za ka samu kusan 29,483. Kilo 517 suka tafi, buhu biyar da ɗoriya, ga kuɗin kwanan direba na yini biyu a kaina. Kuɗin kuma sai bayan kwana 30 ya shigo, kamar yadda takardar oda ta faɗa.

Da na koma na sayi na'urar auna danshi na aika wa wakilina a Saminaka. Kowace ranar saye yanzu tana da lambarta a jikin buhu, kuma ba a lodi sai ya auna ya turo mini hoton allon na'urar. A takardata ta gaba na rubuta mata cewa a Oktoba da Nuwamba ba zan yi alkawarin ƙasa da 13.5 ba, sai hunturu ya kama. Ta amsa da layi ɗaya: in sake nema a Disamba. Ranar 9 ga watan tirela ta biyu ta shiga, na'urarsu ta nuna 12.4.